Ya ce gaisuwa ce kawai, ashe matarsa na kwance

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Kaduna, ina zaune a Malali da iyalina. Kwanakin baya aminin marigayi mahaifina, wanda muke kira Baba, ya zo gidana da sassafe ranar Talata daga Rigasa. Tare suka yi aikin masaƙa a Kakuri. Muka gaisa, ya sha shayi, ya daɗe a zaune. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce gaisuwa ce kawai. Na yi godiya na wuce ofis. Bayan mako guda na ji ashe a ranar matarsa na kwance, naira 18,000 na magani yake nema, sai da suka sayar da keken ɗinkinta. Abin ya tsaya mini a rai. Ana cikin haka wani abokina na makaranta ya biyo ranar Juma'a muka gaisa, da zai tafi na miƙa masa naira 5,000. Nan take fuskarsa ta canza, ya ce shi ba maula ta kawo shi ba, kuma tun ranar bai sake kirana ba. Matata cewa take yi tun da aka yi mini ƙarin girma duk mai gaishe ni kuɗi yake so. Yanzu ko sallama na gani a waya sai gabana ya faɗi. Yaya zan gane gaisuwar zumunci da gaisuwar mai buƙata?

Ɗan'uwanku daga Malali

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya ƙara wa matar Baba lafiya, ya jiƙan mahaifinka. Na ji daɗi da abin ya dame ka, domin wanda bai damu da mutane ba ba zai ɗauki alƙalami a kan irin wannan ba.

Bari in fara rage maka nauyi ɗaya. Idan kana neman bambancin a cikin kalmomin da aka furta, ba za ka same shi ba. Mai zumunci zai ce ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Mai buƙata ma haka zai ce, ba ragi ba ƙari, kuma idan mutumin kirki ne zai fi kowa kyautata gaisuwar, don kada a gane. Bambancin yana cikin abin da ya kewaye gaisuwar: yaushe aka zo, me aka kashe kafin a iso, yaya aka zauna, yaya aka tashi. Mafi girman ma'auni kuwa shi ne ka gwada mutum da al'adarsa shi kansa. Wanda ya saba leƙo ka duk Juma'a, zuwansa ranar Juma'a ba labari ba ne. Wanda ba ka ganinsa sai da Sallah ko wajen ta'aziyya, ranar da ka gan shi a ƙofarka ba Sallah ba rasuwa, to ƙafarsa ta riga bakinsa magana.

Ɗauki zuwan Baba ka auna shi da wannan. Gaisuwar zumunci a wajenmu tana da lokutanta: bayan Juma'a, yammacin Asabar ko Lahadi, yawon Sallah, barka, dubiya, gaisuwar rasuwa, sannu da zuwa ga wanda ya dawo daga tafiya. Safiyar Talata ba ta cikinsu. Wanda ya yi sammako gidan ma'aikaci a ranar aiki so yake ya same shi kafin ya fita, kuma ba a matsa wa kai haka don a ce ina kwana. Sannan dubi tazarar. Daga Rigasa zuwa Malali ba mota ɗaya ba ce, sai an sauka an sake hawa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin Keke Napep ya koma. Dattijon da masaƙa ta rufe ta bar shi ba albashi ba zai kashe kuɗin cefanen yini a hanya ba sai da dalili. Akwai kuma abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi: a tsarinmu ƙarami ne yake zuwa gaida babba. Duk ranar da sa'an mahaifinka ya taso ya zo gaishe ka, tsari ya juye, kuma ba ya juyewa haka kawai.

Zaman ma yana magana. Mai gaisuwar zumunci hirarsa a sake take. Yana tambayarka labarinka, yana ba ka nasa, yana dariya, in an gama ya ce bari in gudu, ya miƙe da kansa. Mai buƙata kuwa gaisuwarsa zagaye take yi. An gama ina gajiya, an yi shiru, sai ya sake cewa to yaya aiki, alhali ya tambaya ɗazu. Shayin ya ƙare amma bai motsa ba. Idan akwai wani a ɗakin sai ka ga yana satar kallonsa, yana jiran ya fita. Amsoshinsa ma ba sa cika. Wanda yake lafiya in ka ce yaya gida, zai ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Wanda abu ya sha wa kai yakan ce to, mun gode Allah, ko ya ce sai haƙuri, ko ana nan ana fama. Wani lokaci kuma sai ya jefo magana ba a tambaye shi ba, kamar hirar gari: an koma makaranta, magani ya yi tsada, mai gidan haya ya zo jiya. Irin wannan jifa shi ne iyakar abin da kunyarsa za ta bar shi ya faɗa. Ya buɗe ƙofa kaɗan ne yana jira ka tura.

Za ka ce ai ka tambaye shi ko lafiya. Ka tambaya, kuma ban ga laifinka ba, sai dai tambayar ba ta kai ba. “Lafiya dai ko?” a bakin Bahaushe wani yanki ne na gaisuwar, amsarta a shirye take tun kafin a yi ta. Ba mai amsa ta da “a'a, ba lafiya ba” sai wanda gobara ta kama. Ka ƙara da cewa kana cikin kayan ofis, wataƙila makulli na hannunka, wataƙila mai ɗakinka na shiga tana fita. Yanzu ka tsaya a inda Baba ya tsaya. Mutumin da ya ci albashi tare da mahaifinka, wanda mai yiwuwa ya halarci sunanka, ya buɗe baki ya roƙi ɗan cikinsa a gaban suruka? Ya gwammace ya koma hannu biyu. Masaƙun Kakuri da suka durƙushe, Kaduna Textiles a 2002, United Nigerian Textiles a 2007, sun bar dattawa irinsa da yawa a garin nan, mutanen da suka saba bayarwa, ba su taɓa koyon roƙo ba, kuma ba za su koya da furfura ba. Su ne irin waɗanda aya ta 273 a Suratul Baƙara ta siffanta: wanda bai sani ba yana zaton mawadata ne saboda kamewa, ana gane su da alamarsu, ba sa nacin roƙon mutane. Lura da cewa ayar ta ɗora aikin ganewa a kan mai hali, ba ta ɗora aikin faɗa a kan mai buƙata ba.

To me ya kamata a yi a irin wannan safiya? Abu na farko, ka cire masu kallo. Ko ka ce a ba ku wuri, ko kuma, wanda ya fi sauƙi, ka yi masa rakiya kai kaɗai. Kada ka raina rakiya. Maganganu masu nauyi da yawa ba a zaure ake yin su ba, a kan hanya ake yi, bayan an fita daga gida, ana tafiya kafaɗa da kafaɗa ba mai kallon idon wani. Nan ne za ka ji an ce “af, dama ina so in ce maka”. Idan ka sallami baƙo daga kan kujera, ka hana shi wurin da ya tanada don maganarsa.

Abu na biyu, ka bar tambaya mai faɗi ka koma ga ƙarama mai suna. Maimakon yaya gida, ka ce: “Baba, yaya jikin Inna? Na kwana biyu ban ji labarinta ba.” Ko ka ce: “Autan nan ya koma makaranta kuwa?” Mutum yana iya rufe “yaya gida” da kalma ɗaya, amma da wuya dattijo ya dube ka ya ce matarsa lafiya lau alhali tana kwance. In ya ce jikin dai da sauƙi, ka bi: an je asibiti? an rubuta magani? an samu an saya? Kowace tambaya amsarta gajera ce, ba wadda ta tilasta masa ya ce ba ni. Idan kuma ka ga har yanzu yana kewaye, sai ka ɗauke masa nauyin gaba ɗaya ka ce: “Baba, tun da mahaifina ya rasu ku ne iyayenmu. In akwai abin da ya taso aka ɓoye mini, ba a yi mini adalci ba.” Ka ga yanzu faɗar ta zama alfarma ce yake yi maka, ba kai kake yi masa ba.

Ko da bai faɗi komai ba, dattijon da ya taso daga nesa ba a barinsa ya koma haka. Kuɗin mota al'ada ce da ta rufa wa kowa asiri, don ba ta nuna cewa an ga talaucin mutum. Ka naɗe, ka sa masa a aljihu a bakin titi, ka ce a hau mota, ko a saya wa yara wani abu. In gaisuwa ce kawai ta kawo shi, ka girmama uba. In buƙata ce, ka rage, kuma ka nuna masa ƙofar a buɗe take. Da yamma sai ka kira ka ji ya isa lafiya, sau da yawa abin da ya gagara faɗa ido da ido yana fita a waya.

Abokinka kuwa, duk ma'aunin nan a gefensa yake. Ranar Juma'a ya zo, lokacin da kowa ke gaida kowa, kuma sa'anka ne. Kuɗin da yake girmamawa in an ba uba, in aka miƙa wa tsara ba dalili yana iya zama ƙasƙanci, don yana cewa: na hau, ka zauna, kuma na san abin da ya kawo ka. Ga shi an yi maka ƙarin girma kwanan nan, ba mamaki dama yana ɗar-ɗar kada ka ɗauke shi cikin masu zuwa gaisuwa da roƙon iri, sai ka tabbatar masa da abin da yake tsoro. Na fahimci inda abin ya fito. Ciwon Baba ne ka je ka yi wa magani a jikin wanda ba shi da ciwo. Niyyarka mai kyau ce, amma shi ba niyyar ya gani ba, hannunka ya gani. Tsakanin tsara, in kana zargin akwai matsi, ba a fara da kuɗi. Ana fara da hira: yaya kasuwa, yaya wajen aikin, ana biya kuwa? In da wani abu zai fito, kuma a lokacin ma sau da yawa rance ya fi kyauta daɗin karɓa a wurin aboki, don yana barin mutum da mutuncinsa.

Kada kuma ka ɗauka duk wanda ya nuna alamun nan kuɗi yake so. Wani dattijon kaɗaici ne ya dame shi, abokansa sun ƙare, yana son ya zauna inda ake tuna masa da su. Wani takardun ɗansa ne a aljihu, yana son ka kai wani ofis. Wani shawara yake nema a kan auren 'yarsa, wani saɓani ne tsakaninsa da ɗan'uwa yana neman mai shiga tsakani. Alamun suna gaya maka akwai magana, ba sa gaya maka wace ce. Shi ya sa tambaya take gaba da miƙa hannu a aljihu.

Maganar mai ɗakinka ma kada ka yi watsi da ita, tana da rabin gaskiya. Ita ce take ganin abin da ya rage bayan ka yi kyauta, ita ce za ta dafa shi, kuma gaskiya ne duk wanda aka ji ya samu ci gaba masu gaishe shi suna ƙaruwa. Akwai 'yan maula, kuma gane su bai da wuya, domin sun saɓa wa mai kunya ta kowace fuska. Mai kunya yana rage murya, ɗan maula yana ɗagawa. Mai kunya yana jiran mutane su watse, ɗan maula ya fi son a gaban jama'a, inda hana shi zai zama abin kunya gare ka. Gaisuwarsa cike take da kirari, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma, mai gida na kaina, kuma zuwansa yana bin ƙarshen wata. Inda ban bi ta ba shi ne kalmar “duk”. Ranar da ka yarda duk mai gaishe ka kuɗi yake so, za ka fara amsa sallama da ɗaurarriyar fuska, kuma waɗanda za su fara janyewa su ne masu zumuncin gaskiya da masu kunya. 'Yan maula ba sa jin ɗaure fuska, su za su rage maka.

Abin da zai kwantar da hankalinku ku biyu shi ne ku zauna ku yanke wani kaso na albashi wanda na taimako ne, ko da ɗaya ne cikin ashirin, ku ajiye shi daban da kuɗin cefane da na makaranta. Ku kuma jera waɗanda suke da haƙƙi a kansa tun kafin su zo: dangi na kusa, maƙwabta, aminan iyaye irin su Baba. Amfanin wannan biyu ne. Ita za ta san alherinka yana da iyaka, ba zai ci tukunyarta ba. Kai kuma faɗuwar gaban nan za ta ragu, don yawancinta tsoro ne na kada a tambaye ka abin da ba ka shirya ba. Idan kason ya ƙare, ka faɗi gaskiya da taushi: “Wallahi wannan watan hannuna ya ɗaure, amma ga abin da ya samu,” ko kuma “ba ni da shi yanzu.” Abin da nake roƙonka ka guje masa shi ne “zan neme ka” alhali ka san ba za ka nema ba. Mai buƙata yana ɗaukar wannan kalma da gaske, ya daina neman wata hanya, ya zauna yana duba waya. Aya ta 263 a surar da na ambata ta fifita kyakkyawar magana a kan sadakar da cutarwa ke biye da ita, kuma alkawarin da ba a cikawa yana cikin cutarwa.

Batun waya ba shi da tsawo. Wanda ya rubuto sallama ya tsaya, ka amsa masa cikakkiyar amsa ka tambayi iyalinsa. Mai zumunci zai ce dama na tuna da kai ne, hira ta ƙare a nan. Mai magana a ciki zai sake gaisuwa gobe da jibi, ko ya yi ta filashin, ko ka ga alamar yana rubutu ya goge. In wanda ka sani ne kuma ba halinsa ba ne, kira shi, murya tana tona abin da rubutu ya rufe. In kuwa saƙo ya zo da sunan wani naka yana neman a tura kuɗi da gaggawa, kada ka tura sai ka ji muryarsa, don masu kutse a WhatsApp da irin wannan gaisuwar suke farawa.

Saura gyaran abin da ya riga ya faru, kuma duka biyun suna gyaruwa. Baba tukuna. Ranar Asabar ɗin nan ka shirya ka tafi Rigasa da kanka, in da hali da mai ɗakinka, a matsayin masu dubiya. Ku riƙa abin da ake kai wa mara lafiya, lemo, madara, sabulu. Kada ka ce masa ka ji labarin keken ɗinki a gaban kowa, kada ka ce me ya sa ba ka faɗa mini ba, don wannan tuhuma ce ga mutumin da kunya ta riga ta hukunta. Ka bar mata su yi hirarsu a ciki, a nan matarka za ta ji ko maganin na ci gaba ne, nawa yake ci a wata, kuma wa ya sayi keken. Ina ganin keken ya fi kuɗin maganin muhimmanci yanzu, domin shi ne sana'ar gidan. In yana hannun maƙwabci ko dillalin da bai sayar ba, ka fanso shi ta hannun wani, a mayar ba tare da hayaniya ba. In ya wuce, ka sa a yi maka cigiyar na hannu, ko da sai ka haɗa kuɗin a wata biyu, ko ka tuntuɓi 'yan'uwanka ku haɗa, tun da amincin na mahaifinku ne ku duka. Daga nan ka mayar da zuwa gaishe shi al'ada, ko da sau ɗaya ne a wata biyu, kai ka riƙa zuwa, don kada ya sake zama shi ne mai tasowa.

Abokinka kuma kada ka aika masa saƙo, kada ka haɗa shi da wani. Ka je inda yake, shago ne ko gida, ba ka riƙe da komai. Ka ce masa: “Abin da na yi ranar nan bai dace ba. Wani abu ne ya faru da ni a makon, ya sa na rikice, ba wai na raina ka ba ne. Ka yafe ni.” In ya tambaya ka ba shi labarin ba tare da ka kama sunan Baba ba. In ya kawo maka ruwa ko abinci ka ci, in ya ce zai biya maka kuɗin shayi ka bar shi ya biya. In ya ɗan yi sanyi a zuwan farko kada ka yi fushi, ka sake komawa Juma'a mai zuwa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a ƙarin girman. Ka rubuto mini bayan ka dawo daga Rigasa in ji yadda jikin Inna yake.